Ƙona shara da leda a gida: tambayoyi da amsoshi a kan hayaƙi, toka da abin da ya kamata a yi

Yawancin masu ƙona shara a gida tsabta suke nema, kuma sau da yawa babu motar kwasar shara da ke zuwa inda suke. Wani bincike da aka wallafa a shekarar 2014 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na sharar duniya ƙona ta ake yi a fili, ko dai a gidaje ko a juji. Tambayoyin da ke ƙasa sun mayar da hankali ne ga abin da ke faruwa a cikin irin wannan wuta, musamman idan akwai leda da roba a ciki, da kuma yadda gida zai rabu da shararsa ba tare da ya kunna mata wuta ba.

Idan wuta ta cinye shara, ai ta tafi ke nan. Me kuma ya rage?

Wuta ba ta ɓatar da abu, sauya masa kama take yi. Tarin sharar da ya cika kwando ya koma ɗan toka, amma nauyin da ya ragu ya tashi sama ne a matsayin iska da hayaƙi. Da a ce ƙonuwar ta cika, wato zafi ya isa kuma iska ta wadata, mafi yawan abin da zai fita iskar kabon dayoksayid ce da tururin ruwa. To amma sharar gida a cakuɗe take, akwai jiƙaƙƙen ragowar abinci da ɗanyen ganye a cikinta, kuma tarin yana danne kansa har iska ta kasa shiga tsakiyarsa. Saboda haka sai wutar ta riƙa ci a hankali tana turnuƙewa, ledar da ke ciki tana narkewa tana dahuwa maimakon ta ƙone sarai. Abin da ke fita daga irin wannan rabin ƙonuwa shi ne iskar kabon monoksayid, da sinadarai irin su benzin da fomaldihayid waɗanda an tabbatar suna haddasa ciwon daji, da ƙananan ƙwayoyin ƙura da ake kira PM2.5, waɗanda ƙanƙantarsu ta sa suke wuce hanci da maƙogwaro su kai can ƙarshen huhu, wasu ma su shiga jini. Duk hayaƙin da ido ya gani, fari ne ko baƙi, shaida ce cewa ƙonuwar ba ta cika ba.

Manyan birane ma ƙona shara suke yi a na'ura. Me ya bambanta tasu wutar da ta bayan gida?

Zafi, da lokaci, da tace hayaƙi. A dokar Tarayyar Turai, dole ne iskar da ke fita daga sharar da ake ƙonawa ta kai zafin digiri 850 a ma'aunin Salsiyos, ta kuma tsaya a wannan zafin aƙalla daƙiƙa biyu, domin sinadarai masu guba su wargaje. Idan shara ce mai haɗari da ke ɗauke da kilorin da yawa, zafin da ake buƙata digiri 1,100 ne. Bayan haka ana sanyaya hayaƙin da sauri, a fesa masa farar ƙasa domin ta kama asid, a haɗa shi da garin gawayi na musamman domin ya kama zaiba da wata guba da ake kira dayoksin, sannan a bi da shi ta matatai kafin ya fita ta dogon bututu. Tokar da aka tace ma ba a zubar da ita ko'ina, ana ɗaukarta a matsayin shara mai haɗari.

Wutar da aka kunna a rami ko a cikin duro ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Harshenta na iya yin zafi a sama na ɗan lokaci, amma cikin tarin yana turnuƙewa a zafin da bai wuce 'yan ɗaruruwan digiri ba, kuma hayaƙin yana fita ne daidai tsayin hancin mutum. Wannan ne ya sa lokacin da hukumar kare muhalli ta Amurka ta lissafa hanyoyin da dayoksin ke shiga iska a ƙasar a shekarar 2000, ta tarar cewa ƙona shara a bayan gidaje ne ya zo na ɗaya, ya zarce dukan manyan na'urorin ƙona sharar birane, duk da cewa sharar da suke ƙonawa ta ninka ta gidajen nesa ba kusa ba.

Mene ne dayoksin, kuma yaya aka yi yake fitowa daga sharar da babu shi a cikinta?

Dayoksin suna ne na wani rukunin sinadarai masu ɗauke da kilorin, waɗanda ake haɗa su da 'yan'uwansu da ake kira furan. Babu masana'antar da ke ƙera su domin sayarwa. Wuta ce ke haɗa su idan abubuwa huɗu suka taru. Na farko kabon, wanda yake cikin kunkunniya da duk abin da bai gama ƙonewa ba. Na biyu kilorin, wanda ke fitowa daga robar PVC, har ma daga gishirin da ke cikin ragowar abinci. Na uku zafi matsakaici, tsakanin digiri 200 zuwa 450, wato daidai zafin wuta mai turnuƙewa da na toka mai hucewa. Na huɗu ɗan ƙarfe da zai hanzarta haɗuwar, kuma jan ƙarfe ne ya fi kowanne iya wannan aiki. Guntun tsohuwar wayar lantarki da aka jefa cikin shara ya kawo biyu daga cikin huɗun a lokaci guda, domin cikinsa jan ƙarfe ne, bayansa kuma galibi PVC ne. Shi ya sa ƙona waya domin a fitar da jan ƙarfenta yake cikin mafi munin abin da za a iya yi da wuta.

Ana tsoron dayoksin ne saboda ɗan mitsitsi ya isa ya yi ɓarna, kuma ba ya barin jiki da wuri. Yana narkewa a cikin kitse, ya zauna a can, kuma bisa bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya, yakan ɗauki shekara 7 zuwa 11 kafin rabin abin da ya shiga jiki ya fita. A shekarar 1997 cibiyar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya mafi dafin cikinsu, wanda ake kira TCDD, a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan'adam. Yana kuma taɓa garkuwar jiki da sinadaran haihuwa, kuma ɗan tayi a ciki shi ne ya fi kowa saurin cutuwa. Duniya ta ga illarsa a fili a garin Seveso na ƙasar Italiya a shekarar 1976, lokacin da wata masana'antar sinadarai ta saki gajimarensa, dabbobi suka mutu, mutane kusan 200, yawancinsu yara, suka kamu da wasu munanan ƙuraje a fuska. Wutar gida ba ta kai wannan yawan a rana ɗaya, amma ita kullum ake kunna ta, abin da take bari kuwa taruwa yake yi. Yarjejeniyar Stockholm ta shekarar 2001 ta ambaci ƙona shara a fili a cikin hanyoyin samar da dayoksin da ƙasashe suka ɗauki alkawarin ragewa.

Idan na kunna wutar na bar wurin, ban shaƙi hayaƙin ba, ai na tsira ko?

Ka rage wa huhunka wahalar wannan rana, amma hayaƙin ya tafi wurin wani, kuma dayoksin ba ta hanci ya fi shiga jikin mutum ba. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na abin da mutane ke ɗauka ta abinci yake shiga, musamman nama da madara da kifi da ƙwai. Hanyar a bayyane take. Kunkunniyar hayaƙi tana sauka a kan ƙasa da ciyawa da ganyayyaki, toka kuma tana nan a inda aka bar ta, ruwan sama yana wanke ta zuwa kududdufi da rafi. Kaza mai kiwo a sake tana tonon wannan ƙasa tana haɗiye ta tare da tsutsotsi, dayoksin ya taru a kitsenta, ya fito a gwaiduwar ƙwai. Akuya ko saniya ta ci ciyawar, ya fito a madara. Masu bincike ma sukan gwada ƙwan kajin da ke yawo kusa da wurin ƙona shara domin su gane yadda ƙasar wurin ta gurɓata. Daga nan sai ya shiga jikin mutum, kuma uwa mai shayarwa tana miƙa wani kaso ga jaririnta. Wannan ba dalili ba ne na daina shayarwa, domin amfanin nonon uwa ya fi wannan haɗari nesa. Dalili ne na kashe wutar da kajin gida ke kiwo a gefenta.

Duk robobi ɗaya ne a cikin wuta?

Ba ɗaya ba ne, ko da yake babu wadda ta dace da wutar gida. A gindin yawancin kayan roba akwai 'yar alama mai kusurwa uku da lamba a ciki, daga 1 zuwa 7, kuma lambar tana faɗin irin robar.

Lamba 3 ita ce PVC, kuma ita ce ta fi muni. Da ita ake yin bututun ruwa, da bayan wayar lantarki, da ledar shimfiɗa a ƙasa, da tiyo, da fatar jabu ta jaka da kujera, da wasu takalma. Fiye da rabin nauyin tsantsarta kilorin ne, kusan kashi 57 cikin ɗari, kuma tun zafi bai kai digiri 300 ba take fara sakin iskar haidurojin kilorayid. Wannan iska idan ta taɓa danshin ido ko na maƙogwaro sai ta koma asid, shi ne raɗaɗi da tarin da ke kama mutum nan take idan wani wari mai kaifi ya buge shi daga wutar shara.

Soson katifa da na kujera, da zaren nailan, da wasu yadudduka na roba suna ɗauke da naiturojin, kuma idan suka ƙone inda iska ta yi ƙaranci suna fitar da haidurojin sayanayid, gubar da ke hana ƙwayoyin jiki amfani da iskar oksijin. Wasu soso da kwanson na'urorin lantarki kuma an zuba musu sinadaran hana kama wuta masu ɗauke da buromin, waɗanda ke haifar da nasu irin dayoksin ɗin. Lamba 6 ita ce farar robar nan mara nauyi da ake zuba abinci a ciki ko a kare kaya da ita a kwali. Tana ci da baƙin hayaƙi mai kunkunniya sosai, tana sakin sinadarin sitirin. Lamba 1, wato gorar ruwa da ta lemo, da lamba 2 da 4 da 5, wato jarka da ledar sayayya da bokiti, babu kilorin a asalin ginin su, don haka dafinsu bai kai na PVC ba, amma suna ba da kabon monoksayid da kunkunniya da sinadarai masu yaji, ga launi da sauran abubuwan da aka gauraya musu a masana'anta, wasu masu ɗauke da ƙarafa masu guba.

To idan na tsince PVC na ƙona sauran fa?

Za a rage asid ɗin da ke cikin hayaƙin, amma ba a gama da dayoksin ba, domin kilorin ɗin da ake buƙata kaɗan ne ƙwarai, kuma gishirin abinci da takarda da ƙasar da ke manne da shara suna iya samar da shi. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ƙona shara a cikin duro sun nuna cewa yanayin wutar, wato yawan turnuƙewarta da kasancewar jan ƙarfe, yana da tasiri babba ko da PVC ɗin kaɗan ne. Ƙari a kan haka, leda da yawa ba ta da lamba, kuma fakitin da ke da rufi mai ƙyalli a ciki an yi shi ne da robobi daban-daban da aka manne da juna, babu mai iya tantance su da ido.

Waɗanne alamu ne ke nuna hayaƙin ya yi wa mutum illa, kuma yaushe za a je asibiti?

Alamun farko su ne raɗaɗin ido da hawaye, ƙaiƙayin maƙogwaro, tari, ciwon kai da tashin zuciya, kuma galibi suna lafawa idan mutum ya koma inda iska take da tsabta, ya wanke fuska da idanu da ruwa mai yawa, ya sauya tufafin da suka sha hayaƙi. Amma idan numfashi ya yi wuya ko yana fita da ƙara kamar fito, ko ƙirji ya ɗaure, ko murya ta dushe, ko jiri da ruɗewa da yawan barci suka biyo baya, a kai mutum asibiti ba tare da jinkiri ba, a kuma gaya wa likita abin da aka ƙona. Jiri da ruɗewa na iya zama alamar kabon monoksayid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda ke kama jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200. A kuma lura cewa kumburin huhu bayan shaƙar iska mai asid yakan ɗauki sa'o'i kafin ya bayyana, don haka wanda ya sha hayaƙi mai yawa da rana a sa masa ido cikin dare.

Masu asma, da masu ciwon zuciya, da tsofaffi, da mata masu juna biyu sun fi shiga haɗari. Yara ma haka, domin suna numfashi da sauri fiye da manya, huhunsu bai gama girma ba, kuma su ne ke wasa a ƙasa kusa da toka suna kai hannu baki. Abin takaici ne yadda a gidaje da yawa yaro ake aika ya kunna wa shara wuta ya tsaya yana tona ta.

Takunkumi zai kare ni? Ko in bari sai dare?

Takunkumin yadi da na asibiti ba sa tare ƙananan ƙwayoyin hayaƙi yadda ya kamata. Mai lambar N95 yana tare ƙwayoyin idan ya zauna daidai a fuska, amma iskar gas tana ratsa shi, wato ba ya hana kabon monoksayid ko sayanayid shiga. Dare kuwa ya fi muni, domin idan ƙasa ta yi sanyi kuma iska ta kwanta, hayaƙi ba ya tashi sama, shimfiɗuwa yake yi ya shiga ɗakuna ta taga a lokacin da mutane ke barci.

Tokar fa? An san toka tana gyara ƙasa.

Tokar itace tsantsa ce ke gyara ƙasa, domin tana ɗauke da sinadaran da shuka ke so. Tokar cakuɗaɗɗiyar shara wani abu ne dabam. Ƙarafa ba sa ƙonewa, don haka dalmar da ke cikin tsohon fenti, da kadmiyam na wasu batura da launukan roba, da jan ƙarfe, suna taruwa a cikinta tare da dayoksin ɗin da ya manne wa gawayin. Katakon da aka jiƙa da maganin gara, wanda sau da yawa ake gane shi da ɗan launin kore, yana iya ɗauke da asenik, kuma tokarsa guba ce ga yaro da dabba ko da kaɗan suka lasa. Irin wannan toka ba a zuba ta a lambu, ba a sa ta cikin taki, ba a barin kaji su yi wanka a cikinta. Idan akwai tsohon wurin ƙona shara a gida, a yayyafa masa ruwa domin kada ƙura ta tashi, a sa safar hannu, a kwashe tokar tare da ƙasar saman wurin a cikin buhu, a miƙa ta ga masu kwasar shara ko a binne ta nesa da rijiya, sannan a rufe wurin da sabuwar ƙasa, kada a shuka abin ci a kansa.

Akwai abubuwan da haɗarinsu ya wuce na hayaƙi?

Akwai. Gwangwanin feshi, na turare ne ko na maganin sauro, yana fashewa a cikin wuta ko da ya zama kamar babu komai a ciki. Batirin wayar hannu da na sauran na'urori masu caji yana tarwatsewa da wuta mai tsanani. Dogon ƙwan lantarki fari da ƙananan da ake murɗawa suna da zaiba a ciki, wadda zafi ke mayarwa tururi. Mazubin maganin ƙwari na gona, da ragowar fenti, da baƙin mai, da taya duk suna cikin wannan rukuni. A ware musu kwali ko bokiti mai murfi a wuri busasshe da yara ba sa kaiwa, a manne bakin batura da salatif, har a sami inda ake karɓarsu. Batirin mota masu sayar da shi sukan karɓi tsohon, ragowar magani a mayar kantin magani inda ake karɓa, allurar da aka yi amfani da ita kuma a tara ta cikin gora mai kauri a kai cibiyar lafiya.

Idan babu mai kwasar shara, me gida zai yi da abin da yake tarawa kullum?

Amsar tana cikin rarraba sharar tun daga inda ta fito, kuma lissafi zai nuna dalili. Rahoton Bankin Duniya na shekarar 2018 ya ce matsakaicin abin da mutum ɗaya ke zubarwa a rana kilo 0.74 ne. A ɗauki gida mai mutum biyar: kilo 3.7 ke nan a rana, kusan kilo 26 a mako. Idan aka raba shi bisa matsakaicin da rahoton ya bayar, ragowar abinci da ganye kashi 44 ne cikin ɗari, wato kilo 11 da ɗoriya. Takarda da kwali kashi 17, kimanin kilo huɗu da rabi. Roba da leda kashi 12, kilo uku. Kwalba da ƙarfe a haɗe kashi 9, kilo biyu da ɗan abin da ya hau. Sauran kilo biyar ɗin tarkace ne iri-iri, kamar tsumma da ƙunzugun yara da ƙurar shara. Kowane gida da nasa yanayin, kuma a inda ake dafa abinci daga ɗanyen kaya kason mai ruɓewa yakan haura rabi.

Wannan gida yana buƙatar mazubi uku. Bokiti mai murfi na abin da ke ruɓewa, wanda za a juye a ramin taki kullum. Buhu na busassun kayan da ake saye ko ake karɓa, wato gwangwani da kwalba da kwali da robobi masu lamba 1 da 2 da 5, bayan an ɗauraye su an shanya. Sai ƙaramin mazubi na abin da ya rage. Da zarar kilo 11 ɗin nan mai danshi ya fita, wari da ƙudaje da ɓeraye sun bi shi, alhali su ne ke sa mutum ya ƙosa ya kunna wuta. Idan aka cire takarda da kwalba da ƙarfe da robar da ake sake sarrafawa, abin da zai rage a mako bai fi kilo shida ko bakwai ba, kuma yawancinsa busasshe ne da zai iya jira a cikin buhu har a kai shi wurin da hukuma ta ware. Inda wannan tsari yake lalacewa shi ne idan aka bar abinci ya shafi busassun kayan: kwalin da ya sha mai ko gorar da ke da ragowar abin sha a ciki masu saye ba sa so, sai su koma shara.

Yaya ake yin takin ba tare da ya yi wari ba?

A zaɓi wuri mai inuwa, a yi rami marar zurfi ko a tara a kan ƙasa, faɗi da tsawo kimanin mita ɗaya, domin tarin da bai kai haka ba ba ya riƙe zafi. A shimfiɗa ƙirare a ƙasa saboda iska ta samu hanya. Duk lokacin da aka zuba kwano ɗaya na ɗanyen abu, kamar ɓawon kayan lambu da ragowar abinci, a rufe shi da kwano biyu zuwa uku na busasshen abu, wato busasshen ganye ko ciyawa ko yagaggen kwali marar rufin leda. A nan ne busasshen ganyen da aka saba ƙonawa yake da amfani. Danshin da ake so kamar na tsumman da aka matse ne: idan aka damƙa a ji sanyi a hannu, amma ruwa ba ya zuba. A juya tarin sau ɗaya a mako. Idan abin ya yi daidai, cikin 'yan kwanaki tsakiyarsa za ta yi zafi har digiri 55 zuwa 65, zafin da ke kashe yawancin ƙwayoyin cuta da irin ciyawa, kuma cikin wata biyu zuwa huɗu zai zama baƙi mai laushi da ƙanshin ƙasa.

Hanci ne ke faɗin matsala. Warin ruɓaɓɓen ƙwai yana nufin ruwa ya yi yawa iska ta kasa shiga, sai a ƙara busasshen abu a juya. Wari mai kama da na fitsari yana nufin ɗanyen abu ya rinjayi busasshe. Idan kuwa tarin ya yi makonni bai sauya ba kuma babu ɗumi a cikinsa, ya bushe ne, a yayyafa ruwa. Nama da ƙashi da mai suna jawo ɓeraye, gara a binne su da zurfi dabam, kashin kare da na kyanwa kuma ba a sa su.

Ledar da babu mai saya fa, da ƙunzugun yara? Binnewa ta fi ƙonawa?

Ta fi, ko da yake ba mafita ce mai kyau ba. Ledar da aka binne za ta daɗe ƙwarai ba ta ruɓe ba, kuma a hankali tana farfashewa ta zama ƙananan gutsattsari a cikin ƙasa, amma ba ta shiga huhun kowa, ba ta kuma haifar da dayoksin. Zaɓi na farko dai shi ne a cusa ta a buhu a matse, a kai wurin tara shara na hukuma ko da sau ɗaya ne a wata, kuma gidaje da yawa na iya haɗa hannu su ɗauki mai kai musu. Idan wannan ya gagara, a haƙa rami mai zurfin mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, aƙalla mita 30 daga rijiya ko rafi, a gangaren da ruwa ba zai bi ya koma wajen rijiyar ba, kuma gindinsa ya kasance sama da ruwan ƙarƙashin ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi. A riƙa rufe kowane zubi da ƙasa, a kewaye bakin ramin saboda yara da dabbobi, kuma kada batir ko magani ko baƙin mai su shiga ciki. Ƙunzugu a fara juye kashin a masai, a naɗe shi, sannan a binne. Yana cike da ruwa, don haka a cikin wuta ba ya komai sai ƙara turnuƙewa.

Ya kamata a faɗi gaskiya game da sake sarrafawa: ƙungiyar haɗin kan ƙasashe kan tattalin arziki da ci gaba, wato OECD, ta ƙiyasta cewa kashi 9 kacal cikin ɗari na sharar roba ta duniya ake sake sarrafawa. Siririyar leda da fakiti mai rufi biyu kusan babu kasuwarsu, don haka hanya mafi tabbas ta rage su ita ce kada su shigo gida da yawa: jakar sayayya mai ɗorewa, mazubin da ake wankewa a sake cikawa, da sayen abu a babban ƙunshi maimakon ƙananan ƙulli masu yawa.

Ɗan guntun leda da ake hura wutar girki da shi ma yana da laifi?

Yana da shi, kuma ta wata fuska ya fi wutar bayan gida, domin mai girki tana durƙushe a kan murhu fuskarta cikin hayaƙin, sau da yawa a wuri marar isasshiyar iska, ga abinci a buɗe, ga yaro a kusa, kuma abin yana maimaituwa kullum. Busassun ƙirare da ɓawon itace da 'yar takarda marar rufin leda suna yin wannan aiki. Haka kuma ba a gasa abinci a kan wutar da aka sa wa roba ko taya ko katako mai fenti.

Maƙwabcina ne ke ƙonawa, hayaƙin yana shigo mini. Me zan yi?

A lokacin da wutar ke ci, a rufe tagogin da ke fuskantarta, a kwashe shanya da abinci da ruwan sha da ke waje, a shigar da yara da masu asma ciki, sannan a buɗe ko'ina iska ta ratsa bayan hayaƙin ya wuce. Idan an tafi an bar tarin yana turnuƙewa, a tsaya ta inda iska ke fitowa a zuba masa ruwa sosai ko a rufe shi da ƙasa, domin wannan matakin na ƙarshe ne ya fi ba da guba, kuma yana iya kwana yana ci.

Magana da maƙwabcin ta fi kyau a yi ta a lokacin da babu wuta kuma babu fushi. Mutane sun fi saurare idan aka nuna musu abin da ya shafe su kai tsaye, kamar tarin da yaransu ke yi ko ƙwan kajin da ke kiwo a gefen tokar, kuma sun fi karɓa idan an zo da mafita, misali a haɗa buhunan leda na gidajen biyu a kai su tare, ko a karɓi busasshen ganyensa domin ramin taki. A ƙasashe da birane da yawa doka ta hana ƙona shara a fili, don haka idan magana ba ta yi amfani ba, ana iya kai ƙorafi ga hukumar kula da muhalli ko jami'an tsabta na yankin, tare da bayanin ranakun da ake ƙonawa da irin abin da ake sa wa wutar. A haɗa ƙorafin da buƙatar a samar wa unguwar wurin zubar da shara da lokacin kwashe ta, kuma ya fi tasiri idan gidaje da yawa ne suka sa hannu.